Tambaya da Amsa: Me Ke Mayar da Fuskar Amarya Roba in Hoton Ya Shiga Waya?

TAMBAYA

Ni mai hoto ne a Ƙauran Namoda. Ina da ɗan shago kusa da makarantar Poli, ɗalibai su ne rabin cinikina, sauran kuma bukukuwa, har Shinkafi da Zurmi akan kira ni idan hanya ta yi kyau. Na koyi gyaran fata da abin nan da ake kira firikwansi sefareshan a Photoshop. Wani abokina ya tura mini akshin ɗinsa, in na latsa sai ya raba hoton leya biyu da Radius 4, ni kuma in zagaye kumatu da goshi da Lasso a leyar ƙasa in ba su Gaussian Blur 35. A kwamfuta in na zuƙo hoton, wallahi ƙofofin gashi duk suna nan, fatar ta yi sumul gwanin kyau. Amma da na tura ta WhatsApp sai fuska ta koma ta 'yar roba. Kwanan baya na yi wa wata amarya a Shinkafi hoton kamu, baƙa ce kyakkyawa, kyamarata mai megafiksil 24 ce, rabin jiki na ɗauka. Mahaifiyarta ta duba waya ta ce, "Wagga ba ɗiyata ba ta." Kunya ta kama ni. Shin akshin ɗin ne ba shi da kyau, ko WhatsApp ke ɓata aikin? Kuma a ina ya kamata mutum ya tsaya? Sannan wasu kan ce in goge musu tsagar fuska, wasu in ƙara musu haske. Na gode.

Mai hoto, Ƙauran Namoda.

AMSA

WhatsApp yana da nasa laifi, amma a nan shaida ya yi kawai. Ɓarnar ta faru tun a kwamfutarka, tsakanin lambobi biyun nan da ka ambata, 4 da 35. Wayar ce ta tona.

Bari mu fara da abin da rabawar ke yi, domin da yawa suna latsa akshin shekara da shekaru ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Raba hoto leya biyu ba ya gyara komai. Tankaɗe ne: ka zuba hoton a rariya, ƙananan abubuwa su wuce gefe guda, manya su tsaya gefe guda, kuma lambar Radius ita ce faɗin idon rariyar. Leyar ƙasa tana riƙe launi da haske da inuwa, wato tudun kumatu, kwarin ƙasan ido, karan hanci. Leyar sama tana riƙe ƙwayar fata, ƙofofin gashi, siraran gasu, ɓurɓushin hoda. In ka haɗa su ba ka taɓa ko ɗaya ba, hotonka na asali zai dawo cif.

Yana da kyau ka iya yin sa da hannunka, ba sai da akshin ba. Ka kwafi hoton sau biyu da Ctrl+J. Kwafin ƙasa ka ba shi Filter > Blur > Gaussian Blur. Ka koma kan na sama ka shiga Image > Apply Image, a wurin Layer ka zaɓi wanda ka dusashe, sannan ka cike sauran gwargwadon zurfin hoton:

```
8-bit:  Blending Subtract, Scale 2, Offset 128
16-bit: Invert, Blending Add, Scale 2, Offset 0
```

Leyar za ta koma toka-toka, sai ka mayar da ita Linear Light. Lissafin da ke ƙarƙashi ba wuya. Ɗauki fiksil ɗaya a bakin ƙofar gashi, haskensa 96, maƙwabtansa kuwa in an dusashe sun tashi 110. Bambancin shi ne aka raba biyu aka ajiye a kan toka, daga baya aka ninka aka mayar:

```
(96 - 110) / 2 + 128 = 121
110 + 2 × (121 - 128) = 96
```

Ka ga abin da aka cire shi aka mayar. Saboda haka gwajin farko kullum shi ne ka kashe leyoyin biyu ka kunna. In ka ga hoton ya motsa, ya ƙara kaifi ko ya canza haske, to wataƙila an yi amfani da lissafin 8-bit a kan hoto mai 16-bit ko akasin haka, kuma akshin da ke yawo daga waya zuwa waya sukan zo da wannan matsala. Wanda ke aiki da GIMP zai sami irin wannan rabawa a Filters > Enhance > Wavelet-decompose, wanda ma yake raba hoton gida-gida fiye da biyu.

Yanzu ga aibin akshin ɗin abokinka. Yana ba kowane hoto 4, alhali fuska ba girmanta ɗaya ba a kowane hoto. Kyamararka tana fitar da fiksil 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. A hoton rabin jiki irin na amaryar nan, faɗin fuska zai kai kamar fiksil 1200. A hoton ɗalibai goma da suka jeru ranar kammala jarrabawa, fuskar kowa ba za ta wuce 300 ba. In ka matso ka cika firem da fuska don nuna kwalliyar ido, ta haura 3000. Lamba ɗaya ba za ta yi wa ukun nan daidai ba. Yadda ake zaɓa shi ne da ido: ka zuƙo hoton zuwa 100%, ka fara Radius daga ƙasa kana hawa a hankali, kana kallon kunci. Daidai inda ƙofofin gashi suka ɓace amma har yanzu kana ganin tudu da kwarin fatar, nan za ka tsaya. A fuska mai faɗin 1200 ni nakan tsinci kaina tsakanin 5 da 7. A mai 300 kuwa 1.5 zuwa 2 ya isa, kuma gaskiya irin wannan hoton ma bai cancanci a raba shi ba. In lambar ta yi kaɗan, rabin ƙwayar fata zai zauna a leyar ƙasa, ka goge shi ba ka sani ba. In ta yi yawa, launi zai haura leyar sama, sai ka ga kana gyara ƙurji amma jan da'irarsa na bin ka.

Amma babban ciwon yana wajen 35 ɗin nan, kuma a nan nake so ka zauna da ni.

Fata ba hawa biyu ba ce, ƙofofin gashi a sama da launi a ƙasa. Akwai hawa na tsakiya: ɗan tudun da ke ƙarƙashin ido in mutum ya yi murmushi, lanƙwasar da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki, loɓawar haɓa, dabbare-dabbaren launi marasa ƙarfi da kowace fata mai rai take da su. Waɗannan sun fi ƙofar gashi girma, ba su kai kunci ba. Da ka raba a 4, duk sun zauna a leyar ƙasa. Da ka zagaye ka ba da 35, ka share duk abin da girmansa ya faɗa tsakanin lambobin biyu. Abin da ya rage shi ne ƙwaya mai kaifi tana yawo a kan fili shafaffe. A 100% idonka yana kan ƙwayar, sai ka ce aiki ya yi.

To ga abin da waya ke yi. In ka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yakan rage dogon gefensa zuwa wajen fiksil 1600. Daga 6000 zuwa 1600 ragi ne na kusan kashi huɗu, 3.75 in ana son daidai. Fuskar amarya mai faɗin 1200 ta koma 320. Ƙwayar da ka adana a leyar sama, mai fiksil uku ko huɗu, ta koma fiksil ɗaya ko ƙasa da haka, matsewar JPEG kuma irin waɗannan ƙananan ta fi zubarwa. Leyar sama ta tafi ke nan. A wannan girman, abin da ido ke karantawa a matsayin fata shi ne hawan tsakiyar nan, domin abin da ke tsakanin 4 da 35 a kwamfuta shi ke zama tsakanin 1 da 9 a waya. Shi ne kuwa ka riga ka share. Hajiya ba ta ga ƙofofin gashin da kake alfahari da su ba, leyar ƙasarka ta gani tsirara. Kuma in ka lura, ba cewa ta yi hoton ya yi muni ba. Kamanni ne ta nema ta rasa, kamannin mutum kuwa a waɗannan tudu da kwari yake zaune.

Kar ka ce to wankin hoto zai cece ka. Kati mai inci 5 da 7, in an buga shi da fiksil 300 a kowane inci, 1500 ne da 2100, ragin kusan kashi uku. Babban firem na falo yana riƙe ƙwayar, amma ba wanda ke manna hanci a gilashi. Daga kan kujera ake kallo, daga can kuma hawan tsakiya ake gani. Tura hoto a matsayin Document, ko da maɓallin HD da WhatsApp ya ƙaro a 2023, yana taimakawa har zuwa hannun farko. Da ƙawayen amarya sun ɗora a sitatus an koma gidan jiya.

Akwai abin da ya shafi fatarmu musamman, wanda yawancin bidiyon koyarwa ba su damu da shi ba saboda da farar fata suke misali. Farar fata, inuwa ce ke fitar da siffarta. Baƙar fata da wankan tarwaɗa kuwa, ƙyalli ne ke zana su: layin haske a karan hanci, sheƙin saman kunci, ɗigon haske a goshi da leɓen ƙasa. Wanda ya ɗauki kowane ƙyalli a matsayin maiƙo ya bi shi da Mixer Brush, zai wayi gari da fuska mai launi ɗaya daga kunne zuwa kunne, kamar an yanko ta an liƙa. Ƙyallin da ya ƙone ya zama fari fat, musamman na filashin da ke kan kyamara a ɗakin da ake zufa, shi ake ragewa, ragewa kuma ba kashewa ba. Kar ka manta cewa in wuri ya ƙone har 255 babu ƙwaya a cikinsa a kowace leya. Sai ka ɗebo daga fatar da ke kusa. Na biyu, launuka masu duhu a hoton JPEG mai 8-bit matakansu kaɗan ne, in ka dusashe su sosai sai ka ga zobe-zobe a goshi da kunci. Maganinsa ka ɗauka a RAW, ka buɗe a 16-bit. Ko JPEG ne a hannunka, mayar da shi ta Image > Mode > 16 Bits/Channel kafin ka fara yana rage zoben da gyaran ke haifarwa, ko da yake ba ya dawo da abin da kyamara ta riga ta zubar.

Da hoton amaryar nan a gabana yake, ga yadda zan bi da shi.

Ba zan fara da rabawa ba. Zan buɗe leya wofi in ɗauki Healing Brush ƙarami, Sample a kan All Layers, ɗan fi ƙurjin girma kaɗan, in cire abin da bayan sati biyu ba za a same shi a fuskarta ba: ƙurji, ɓurɓushin gazal da ya zubo, gashin da ya gitta ido. Rabin aikin ya ƙare a nan. Sai in koma ga dabbare-dabbaren haske, inda hoda ta taru ko ta zame, in gyara su da ƙara haske da rage haske. Sabuwar leya, Edit > Fill > 50% Gray, a mayar da ita Soft Light, burushi mai laushi, Flow 1% ko 2%, fari a kan ɗigon da ya yi duhu, baƙi a kan wanda ya yi haske. Aikin na da cin lokaci, ba musu. Amfaninsa shi ne kai ke zaɓar tabon da zai tafi, sauran su zauna, alhali dusashewa ba ta tambayar kowa.

Sai a mataki na uku zan haɗa aikin da na yi a kwafi ɗaya in raba shi, a Radius 6 ko kusa da haka, don abu biyu kawai. Ɗaya, launi: fuskar da mai kwalliya ta yi wa hodar da ta fi wuya haske, iyakar tana fitowa a muƙamuƙi, ko baƙin gefen baki da ke bayyana ta ƙarƙashin hoda. Wannan a kan sabuwar leya tsakanin ta ƙasa da ta sama ake yi, kana ɗebo launi daga fatar kusa kana shafawa da Flow ƙasa da 10%. In Mixer Brush ka fi so, ka yi a kan kwafin leyar ƙasa, ka cire alamar Sample All Layers, ka rage Wet da Flow sosai, ka bi tsawon haske ko tsawon inuwa, kar ka ja burushi ya tsallaka daga haske zuwa inuwa, nan ne ake rushe ƙashin kunci. Biyu, ƙwaya: inda hoda ta tsattsage, abin da ke yawa lokacin hunturu in fata ta bushe, sai a gyara a leyar sama da Clone Stamp mai kaifin baki, Sample a kan Current Layer. Ka ɗebo daga kusa, domin ƙwayar goshi daban, ta hanci daban, ta ƙasan ido ta fi kowacce laushi. Ka riƙa sauya wurin ɗiba, in ba haka ba za a ga zane ɗaya yana maimaita kansa a kunci. In kuwa aiki ya yi maka yawa, kamar makon bikin yaye ɗalibai, dole sai Lasso, to kar dusashewar ta wuce ninki biyu na lambar da ka raba da ita, ka zagaye wuri ƙarami, ka nisanci gefen hanci, gira, leɓe da bakin ɗankwali, domin launinsu yana malalowa cikin fata ya bar datti-datti.

Game da inda ake tsayawa, ba a 100% ake yanke hukunci ba. Ka kwafi hoton, ka shiga Image > Image Size ka mayar da dogon gefe 1600, ka tura wa kanka a waya tare da na asali, ka riƙe wayar yadda kowa ke riƙewa. Abin da za ka duba kaɗan ne. Ka gwada fuska da wuya da bayan hannu: amarya ta ɗaga hannu don a ga lalle, hannun na da jijiya da lanƙwasa, fuska kuwa ba komai, ido yana kama wannan nan take ko mai kallo bai san dalili ba. Ka duba ƙasan ido, in ya zama daidai da kunci ba ko alamar inuwa, idon zai zama kamar ɗora shi aka yi. Inuwar nan rabi ake ragewa. Ka duba layin murmushi, baki na dariya kunci bai sani ba alama ce ta an wuce gona da iri. Sannan ka kashe gyaran ka kunna kana kallo daga nesa. In tabo ne kawai ke ɓacewa yana dawowa, kana kan hanya. In fuskar ce ke kumbura tana sacewa, ko hanci na canza faɗi, ka taɓa siffa. Sai ka tara leyoyin gyaran a Group ɗaya a kan hoton asali ka rage Opacity zuwa 60% ko 70%. Ni kusan kullum nakan rage, domin idon da ya daɗe a kan fuska ɗaya yana sabawa da sumul ya nemi ƙari.

Kar ka ɗauka masu ƙaramin shago ne kawai ke zarcewa. A 2011 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana tallar hodar Lancôme mai ɗauke da fuskar Julia Roberts, saboda kamfanin ya kasa nuna cewa sumul ɗin daga hodar yake ba daga kwamfuta ba. Norway kuma tun 2022 dokarta ta wajabta sa tambari a kan tallar da aka gyara fata ko surar jiki a cikinta.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Tsaga, ko ta Zamfarawa ce, ko ta Gobirawa, ko bille, ko 'yar baka, ba ƙurji ba ce, kuma ba a taɓa ta sai mai ita ya nema da bakinsa. Dattijo da ka goge wa tsagar gidansu ba tare da ya ce ba, ba gyara ka yi masa ba a wurinsa. A fannin aiki ma tana da tarko: faɗinta ya fi ƙofar gashi, don haka rabawa takan tsaga ta biyu, kaifin bakinta a leyar sama, duhunta a leyar ƙasa. Mai dusashe ƙasa da Lasso yakan kashe duhun ya bar bakin, sai ta fito kamar tabon ƙuna, ba a goge ba, ba a bari ba. In za a bari, ka zagaye ta kar burushi ya kusance ta. In saurayi ko budurwa suka ce a cire a hoton ado, da Healing Brush ake yi tun kafin rabawa, ɗan guntu-guntu ana bin tsawonta. A hoton fasfo, na takardar makaranta ko na neman aiki kuwa, ko an roƙe ka kar ka cire, domin da fuskar za a gwada hoton.

Ƙarin haske kuma kala biyu ne. In hoton ne ya yi duhu saboda farin mayafi ko farar shadda sun ruɗi mitar kyamara, ka ɗaga hasken hoton gaba ɗaya tun a RAW, wannan gyaran kuskuren kyamara ne. In kuwa so ake baƙa ta koma fara, leyar ƙasa za ta ba ka dama, amma ƙwayar da ke sama an auna ta ne a kan fata mai duhu, ƙyallinta da zurfin raminta na baƙar fata ne, sai su zauna a kan sabon launin kamar ƙura. Ga kunne, ga gaɓoɓin yatsu, ga tsagar gashi a bakin goshi, duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a bi su duka. Ni nakan nuna wa mai hoton kwafi biyu a waya, wanda aka daidaita haskensa kawai da wanda aka ɗaga launinsa, in gaya mata wanda nake ganin zai jure sitatus da firem. In ta dage kan na biyu, kar ka wuce ɗagawar da wuya da hannu za su iya bi, kuma ka ajiye fayil ɗin PSD da leyoyinsa, domin sau da yawa bayan biki akan dawo a ce a mayar da shi yadda yake.